Yadda ake tantance katin girafik na hannu kafin a biya: misalin RX 580

Duk mai shagon da ka tambaya ko an yi mainin, wato haƙar kuɗin kirifto, da katin girafik ɗin da ke gabanka, amsa ɗaya zai ba ka: "Haba Malam, Landan yus ne, gem kawai aka buga da shi." Sau da yawa ba ƙarya yake yi da gangan ba. Shi ma a kwali aka aiko masa daga Ikko, bai san hannu nawa katin ya bi ba kafin ya iso Sabon Gari ko PZ a Zariya. Don haka ka bar wannan tambayar. Ka ɗauka an yi mainin da shi, sannan ka bincika abin da aikin ya lalata da abin da ya bari, domin wata ɓarnar ana gyara ta da kuɗi kaɗan, wata kuwa ba ta da magani.

Zan tsaya a kan RX 580 mai 8GB na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2017, saboda shi ne ɗalibin Samaru ko mai buɗe shagon gem a Tudun Wada zai fi cin karo da shi idan aljihunsa bai yi nauyi ba. Shi ne kuma ɗaya daga cikin katunan da masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum suka fi ƙauna. Haƙar Ethereum ta fi jingina da memorin kati fiye da ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa masu mainin ke rage gudun ƙwaƙwalwar da wutar da take ja, su ƙara wa memori gudu, su bar katin yana aiki dare da rana. Zuwa ƙarshen 2020 fayil ɗin da haƙar ke buƙata ya fi ƙarfin katuna masu 4GB, sai masu 8GB suka ci gaba da ɗaukar nauyin, har ranar 15 ga Satumba 2022 da Ethereum ta daina amfani da haƙa. Daga nan katunan suka kwararo kasuwannin duniya. Abin da wannan tarihin ke gaya maka shi ne inda za ka duba. Ƙwaƙwalwar katin ba kasafai take mutuwa ba. Fanka, da memori, da robar da ke ɗauke zafi, da bayos, wato 'yar manhajar da ke cikin katin tana sarrafa shi, su ne suka sha wahala.

Abin da za ka tafi da shi

Kada ka dogara da abin da ke cikin kwamfutar mai shago. Ka zuba waɗannan a filasha tun daga gida: GPU-Z, HWiNFO64, FurMark, OCCT, MSI Afterburner, DDU, da direban AMD da ka sauko da shi daga shafin kamfanin. Duka kyauta ne. Ka yi wannan kafin ka fita, domin direban kaɗai ɗaruruwan megabait ne, ba abin da za ka tsaya saukewa da datar waya a bakin shago ba. Tocilar wayarka ta isa wajen dubawa. Ka ware wa gwajin kusan awa guda, ka kuma tabbatar akwai wuta ko janareta. Mai shagon da ya ce ba za a kunna kati ba sai ka biya, ka yi masa sallama.

Idan da hali, ka tafi da kwamfutarka. RX 580 yana jan kusan wat 185 idan ya ɗau aiki, AMD kuma ta ba da shawarar fawa-fak mai wat 500. Ƙananan kwamfutocin ofis na gwanjo da suka cika gari yawanci fawa-fak ɗinsu bai wuce rabin haka da yawa ba, ba su da wayar wuta mai rami takwas da katin ke buƙata, wasu ma katin ba zai shiga cikinsu ba. Gara ka san wannan kafin kuɗinka ya fita.

Dubawa da ido da hannu

Kafin a sa masa wuta, ka karɓi katin ka fito da shi bakin ƙofa inda akwai haske. Fara da fankoki. Sa yatsa ka juya kowace ɗaya a hankali ka sake ta. Mai lafiya za ta juya shiru, ta tsaya da ɗan tsalle na maganaɗisun da ke cikinta. Wadda ta gaji za ka ji tana gurzawa, ko ta tsaya nan take. Sai ka kama tsakiyarta ka ɗan motsa ta gefe da gefe. Idan tana lilo, cibiyarta ta ci. Ka kwatanta biyun: idan ɗaya ta fi ɗaya ƙyalli ko takardar da ke manne a tsakiyarsu ta bambanta, an taɓa canza ɗaya. Wannan ba laifi ba ne, shaida ce kawai cewa katin ya yi doguwar tafiya.

Sai ka juya bayansa ka haska tocila. Kana neman abu uku. Na farko maiƙo: tsakanin memori da ƙarfen sanyaya akwai wasu gutsattsarin roba masu taushi da masu gyara ke kira fad, kuma idan suka daɗe cikin zafi sai su riƙa tsatso da mai, ka ga wani ɗan ƙyalli mai danshi a jikin allon ko a gefen farantin baya. Man ba ya lalata komai, amma yana nufin robar ta bushe, sai an canza. Na biyu launi: allon da ya koma ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya a bayan ƙwaƙwalwa ko wajen da wayar wuta ke shiga, ya daɗe yana gasuwa. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, wato sawun buluwa. Wasu masu gyara kan hura wa mataccen kati iska mai zafi har dalmar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ko memori ta sake kamawa. Katin zai farfaɗo, ya yi aiki na ɗan lokaci, ya sake mutuwa a hannunka. Alamarsa ita ce busasshen maiƙon walda mai danƙo a kewayen wuri ɗaya, ko takarda da ta yamutse don zafi, ko roba da ta ɗan narke. Idan ka ga wannan, ka ajiye katin, ba sai an kunna ba.

Leƙa cikin ramin da wayar wuta ke shiga. Robar ta zama baƙa sumul, ƙarafan ciki kuma su zama masu haske. Idan akwai rami ɗaya da ya yi ruwan ƙasa ko ya narke, an ja wuta da waya mara ƙarfi. Ramin madabod yana ba da wat 75, waya mai rami takwas kuma wat 150, amma masu neman sauƙi kan haɗa ta da 'yar wayar SATA wadda ba a yi ta don wannan nauyin ba, ita ce ke toya wurin.

Ƙura ma tana magana. Jar ƙura mai laushi irin ta hunturunmu a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya tana nuna a nan gida aka yi amfani da katin, komai sunan da aka laƙaba masa. Ni wannan bai dame ni ba. Wanda nake zargi shi ne katin da ya yi fes kamar yau aka ƙera shi, amma kawunan sukurorinsa sun yi tsatsa, ko akwai farin gishiri-gishiri a lungunan allon. Irin wannan wanke shi aka yi da ruwa. Ka duba kuma sukurori huɗun da ke bayan ƙwaƙwalwa: idan kawunansu sun ci, ko 'yar takardar da ke kan ɗaya ta fashe, an buɗe katin. Katin da ya kusa shekara goma ya kamata a ce an taɓa buɗe shi an canza masa man sanyaya, don haka buɗewar ba aibi ba ce. Aibin shi ne a ce maka ba a taɓa buɗewa ba alhali sukuru ya nuna akasin haka.

Shin shi ne abin da aka ce?

A sa katin, a kunna. Kafin komai ka goge tsohon direba da DDU, ka sa naka. Ga dalilin da ya sa wannan matakin ya fi ƙarfin a tsallake shi. Masu mainin da RX 580 sukan canza bayos ɗin katin don memori ya ƙara sauri, direban AMD kuma yakan ƙi katin da aka taɓa wa bayos. Akwai wata 'yar manhaja da ke toshe wannan binciken, kuma idan tana kan kwamfutar shago, katin zai yi aiki lafiya a can, ka kai shi gida ya ƙi. Bayan ka sa direba, danna maɓallin Windows da R ka rubuta:

```
devmgmt.msc
```

Buɗe Display adapters. Idan ka ga alamar rawaya a kan sunan katin, ciki kuma an rubuta Code 43, to ko bayos ɗin mainin ne, ko katin ya samu matsala ta gaske.

Sai GPU-Z. Layuka kaɗan ne suka shafe ka. A gaban Shaders, RX 580 na ainihi zai nuna 2304. Idan ka ga 2048, ko sunan ya zo da RX 580 2048SP, wannan wani kati ne da aka fitar don kasuwar Sin, wanda a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne. Yana buga gem, ba jabu ba ne a karan kansa, amma kuɗin RX 570 ya kamata ka biya. Da yawa daga cikin masu zuwa da sabon kwali da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba, tsofaffin ƙwaƙwale ne aka ɗora wa sabuwar riga. Bus Width ya zama 256 bit, Memory Type ya zama GDDR5, Memory Size kuma 8192 MB. A layin Default Clock, memorin RX 580 mai 8GB yana kan 2000 MHz, ƙwaƙwalwa kuma wajen 1340 MHz ko sama da haka kaɗan, gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Idan ka ga ƙwaƙwalwa ta sauka zuwa wajen 1150, memori kuma ya haura 2000, hannun mai mainin ne. A Bus Interface, danna alamar tambayar da ke gefe don katin ya ɗau ɗan aiki, ya kamata ya nuna x16. Idan ya tsaya a x8 ko x4 a ramin da ka san x16 ne, a cire a goge haƙoran zinariyar da ke ƙasan katin a sake gwadawa. Idan bai canza ba, akwai layin da ya mutu.

Wasu katunan, kamar Sapphire Nitro+, suna da wani ɗan makunni ƙarami a gefen sama wanda ke zaɓar tsakanin bayos biyu. Sau da yawa ɗaya kawai aka taɓa. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, tura makunnin ɗaya gefen, sake kunnawa, sake duba GPU-Z.

Ga masu duba katunan Nvidia a teburi ɗaya: GTX 1050 Ti na gaskiya yana da Shaders 768. Idan ka ga 192, tsohon kati ne aka sauya wa suna, kuma GPU-Z kan rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan. Yawancinsu ma za ka gane su da shuɗin ramin VGA.

Zafi, sannan memori

Idan kwamfuta na zaune ba aiki, fankokin RX 580 da yawa ba sa juyawa sai zafi ya kai wajen digiri 50, don haka kada ka ce sun mutu. Buɗe MSI Afterburner ka kai Fan Speed 100, ka kasa kunne. Ƙarar iska ba komai. Ƙarar gurzawa ko ƙas-ƙas, ko fanka ɗaya da sai an taɓa ta da yatsa take tashi, ita ce matsala. Mayar da shi yadda yake.

Yanzu buɗe HWiNFO64 a Sensors, ka kunna FurMark na minti 15. A shago mai zafi, musamman a bazarar Maris da Afrilu, katin mai lafiya zai hau a hankali ya tsaya tsakanin digiri 70 da 80 da 'yan kai. Yadda ya hau ya fi lambar da ya tsaya muhimmanci. Wanda ya yi tsalle daga 45 zuwa 85 cikin minti ɗaya, man sanyayarsa ya bushe ko ƙarfen bai zauna daidai ba. Wannan gyara ne mai sauƙi. Idan kuwa kwamfutar ta mutu ɗif ko ta sake tashi da kanta, kada ka yi saurin ɗora wa katin laifi, fawa-fak ne ya fi yin haka. A gwada a wata kwamfutar. A sababbin katuna akwai layin Hot Spot, kuma tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakaninsa da zafin ƙwaƙwalwa daidai ce, amma idan ta kai 25 akwai gyara. RTX 3080 da 3090 kuma ka duba zafin memorinsu, domin a digiri 110 katin ke fara rage gudu da kansa.

FurMark ba ya cika memori, kuma nan ne mutane ke faɗawa. Kati zai iya yin rabin awa a FurMark lafiya lau alhali gigabait na shida ko na bakwai ya lalace, ba za ka sani ba sai ranar da gem mai nauyi ya kai wurin. Don haka buɗe OCCT, zaɓi gwajin VRAM, ka ba shi kashi 80 ko 90 na memorin, ka bar shi minti 20. A yi shi bayan FurMark, katin yana da zafi, domin memori mai rauni da zafi yake tona kansa. Abin da kake so shi ne sifili a wajen kurakurai. A HWiNFO64 kuma katunan wannan zuri'ar suna da layin GPU Memory Errors. Idan lambar tana gudu zuwa dubbai alhali memori yana kan 2000 MHz ɗinsa na asali, an gama magana. Wannan gwajin ne kuma ke kama katin 4GB da aka yi wa bayos yana cewa 8GB: da zarar an wuce 4096 MB sai komai ya tsaya. Idonka kuma ya kasance a kan sikirin. Ɗige-ɗigen kore ko shunayya, layuka a tsaye, murabba'ai masu walƙiya, ko sikirin ya ɗauke ya dawo, duk alamun memori ne ko dalmar da ta saki.

Katuna biyu a teburi ɗaya

Na raka ɗan yayata wani shago a Sabon Gari, yana neman katin da zai yi zanen gini da shi, da yamma kuma ya buga ƙwallo. Aka fito mana da RX 580 guda biyu, kuɗinsu ɗaya. Na farko tsaf, ba ƙura ko ɗigo. Na biyu duk jar ƙura, ga maiƙo a gefen farantin baya, fanka ɗaya tana lilo.

"Kawu, ai wannan mai tsabtar za mu ɗauka," in ji yaron.

"Bari dai a kunna su," na ce masa.

Mai tsabtar ya nuna 2304, memori 2000 MHz, zafi ya tsaya a 74, har mai shago ya fara murmushi. Da aka shiga OCCT, kafin minti biyar kurakurai suka fara fitowa, layin GPU Memory Errors yana hawa ba tsayawa. Da na sake haska tocila sai ga tsatsa a kan sukurori biyu. Muka ture shi gefe.

Mai ƙurar da farko ma ƙin direba ya yi, ya ba da Code 43. GPU-Z ya nuna Default Clock 1150 da memori 2100. Muka kashe, na tura ɗan makunnin bayos, muka kunna: direba ya karɓa, memori ya koma 2000. A FurMark ya haura 86 da sauri, fankoki suna ihu, gudun ƙwaƙwalwa yana ɗan sauka. Amma OCCT ya yi minti 20 ba kuskure ko ɗaya. Wato an yi mainin da shi sosai, sai dai duk abin da ya lalace abin canzawa ne: fanka, man sanyaya, da fad.

Na ce wa mai shagon, "Alhaji, wannan muke so, amma ka ga aikin da ke jikinsa. A cire mana kuɗin fanka biyu da na mai gyara." Ya ce fanka ɗaya ce ta lalace. Na ce tare suka yi aikin, ta biyun ma tana hanya. Aka daidaita a tsakiya. Bayan an wanke ƙarfen an canza mai da fad, zafin ya dawo wajen 75.

Da katin ba shi da makunnin bayos biyu, da lissafin ya canza. Ana iya mayar da bayos na asali da manhajar amdvbflash, amma sai an samo wanda ya dace da ainihin samfurin katin da kamfanin memorinsa, Samsung ne ko Hynix ko Micron, wanda GPU-Z ke nunawa a gaban Memory Type. Idan aka sa wanda bai dace ba, katin ba zai nuna hoto ba. Ka sa mai shago ya yi wannan kafin ka biya, asarar ta zama tasa idan abin ya ƙi. Haka ma fad: kaurinsa ya bambanta daga kati zuwa kati, kuma idan aka sa mai kauri fiye da na asali, sai ya ɗage ƙarfen daga kan ƙwaƙwalwa, zafi ya fi na da. Mai gyara ya auna tsohon kafin ya yanka sabo.

Kafin ka miƙa kuɗi

Gwada kowane rami na baya da waya, HDMI da DisplayPort da DVI, domin mai mainin bai taɓa amfani da su ba, tsatsa kan cinye su ba wanda ya lura. RX 580 ba ya fitar da hoton VGA, kuma ɗan kan DVI zuwa VGA mai arha ba zai yi aiki a kansa ba. Idan sikirin ɗinka na VGA ne, sai ka sayi na'urar HDMI zuwa VGA, ka sa kuɗinta cikin lissafi.

A ƙarshe ka nemi a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar da ke manne a bayan katin, da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da shi, ko da mako guda ne. Ka ɗauki hoton lambar da na shafin GPU-Z a gaban mai shagon. Cikin waɗannan kwanakin ka sake gwajin OCCT da rana tsaka lokacin da ɗaki ya fi zafi, ka kuma kunna kwamfutar da sassafe bayan ta kwana a kashe, domin katin da aka farfaɗo da buluwa yakan ƙi nuna hoto idan ya huce sarai.